Jimlar Da Ta Ƙi Motsi

Tun yana ɗan mitsitsi ake kiransa Bakomai, kuma ba wanda ya zalunce shi da wannan suna, da bakinsa ya saye shi. A taka masa ƙafa, ba komai. A cinye masa rabonsa, ba komai. Ranar da mai aski ya zabtare masa gefen kai guda ya bar ɗayan a tsaye, ya daɗe yana duban madubi, sannan ya ce ai haka ma ya fi shan iska, ya biya kuɗi har da godiya. Mutane suka yi ta cewa yaron nan akwai haƙuri. Haƙuri ne ko tsoron fuskar mutane ne, ba wanda ya tsaya ya bincika, tunda kowa yana morar abin.

Shi ne auta a gidansu. Uwarsu ta rasu bai gama wayo ba, sai babbar yayarsa ta ɗauke shi, ita ta yi masa wanka, ita ta yi masa duka, ita ta biya masa makaranta har ya fito da takardar aikin ƙiyasin gini. Mace ce doguwa mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Idan ta ce abu fari ne, to fari ne, ko da gawayi ne a hannunta. Duk duniya ita kaɗai ba ta kiransa Bakomai, Auta take ce masa, har bayan da furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Shi kuwa tun da ya iya magana bai taɓa faɗa mata abin da zai ɓata mata rai ba. Yana alfahari da haka ma, kamar wanda ya ci wata jarrabawa.

Aikinsa a ofishin masu ƙiyasin gini yake, kuma a nan dole a ba shi haƙƙinsa, ya iya. Duk ginin da za a ba da kwangilarsa, akwai wani kundi da suke kira bil. A cikinsa ake yanyanka ginin layi-layi tun daga haƙa rami har zuwa fenti. Kowane layi da bayanin aikinsa, da ma'auninsa, da yawansa. Kankare da kubik mita ake auna shi, bango da filasta da murabba'in mita, rodi da kilo, ƙofa da taga da guda. Ɗan kwangila ya rubuta farashin ɗaya a gefe, ya ninka da yawan, ya sami kuɗin layin. A ƙasan kowane shafi a haɗa kuɗin layukan, a kwashi jimlar shafi a kai ta wani shafi na ƙarshe da ake tara su duka, daga nan babbar jimla ta fito. To Bakomai shi ne mai kwashe duk wannan ya zuba a kwamfuta, a cikin wani jadawali mai gidaje-gidaje kamar tiren ƙwai. Bayani a gidansa, ma'auni a gidansa, yawa a gidansa, farashi a gidansa. Gidan kuɗin layi kuwa ba a rubuta masa lamba, umarni ake ba shi, wanda suke ce wa fomula, a ce masa ninka wannan da wancan. Haka gidan jimla, a ce masa tara daga nan zuwa nan. Sai ya zuba abin da ɗan kwangila ya rubuta da biro a wani jeri na dabam, ya sa kwamfuta ta nuna masa inda suka saɓa.

A ofis in ya kama kuskure ba ya jin komai, domin masu kuskuren ba su san fuskarsa ba. Ya shafa wa gidan jan launi, ya miƙa wa mai gidansa na ofis, shi ke nan, wani ne zai rubuta wasiƙa ya sa hannu. Jarumi ne sosai a bayan kwamfuta.

Matarsa ta daɗe da gane shi. Takan ce masa, “Baban yara, da gobara za ta tashi a ɗakin nan, kai sallama za ka yi mata ka tambaye ta ya hanya.” Ya yi dariya ya ce ba komai. Ta ce, “Ka ji ba.”

Ita kuwa Yaya 'yar kwangila ce. Mijinta ne ya kafa kamfanin, da ya rasu ta ƙi sayarwa, ta ɗaura ɗamara ta ci gaba. Kamfanin ma dai suna ne ya rage: fili guda mai katangar kwano, ofis ɗaki ɗaya, tarin katakon zuba dakin, wato rufin kankare, da ruwa ya gama dukansa, sai injin kwaɓa siminti, wanda marigayin ya saya sabo, yana ji da shi fiye da wasu daga cikin danginsa. Injin yana da mai tuƙa shi, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba Mai Inji, wanda ya tsufa tare da ƙarfen har tarinsu ya zama iri ɗaya. Aiki ya daɗe bai shigo ba. Yaya ta riga ta faɗa da bakinta, a gaban kowa, cewa in wannan karon ma ba a samu ba, inji za ta sayar ta sallami Baba. Kuma ita ba ta san yadda ake janye magana ba.

Aikin da ake nema na wata makaranta ne mai son gina jerin azuzuwa. Suka raba wa 'yan kwangila bil, suka ce kowa ya cika da biro, ya haɗa da kwafin kwamfuta a filashi, a jefa a akwati ranar Litinin kafin sha biyu. Yaya ta zauna da kalkuletar mijinta, wata tsohuwa mai manyan maɓallai da lambobin suka goge, ta cika bil ɗin nan da hannunta kaf. Sannan ta aika a kira mata Auta, saura mako guda a rufe.

“Ga shi nan,” in ji ta, ta turo masa kundin a kan tebur. “Ka zuba min a na'urarku. Ba gyara na ce ka yi ba, lissafina ba ya son gyara. Su ne suka ce sai da filashi.”

“To, Yaya.”

“Na san farashin sauran. A wannan jimlar ba mai shiga ƙasana.”

“In sha Allahu, Yaya.”

Daga ranar kullum in ya taso daga ofis da yamma sai ya biyo, ya buɗe kwamfutarsa a ƙarshen teburinta, tsakanin kwalbar man inji da tarin tsofaffin zane-zane. Fanka tana juyawa a sama tana ƙara ba ta ba da iska. Ya dinga bin layi da rula, yana karantawa yana bugawa. Ya san inda ramukan aikin suke. Jimlar ƙasan shafi ba ya sa ta a jerin kuɗin layuka, don kada kwamfuta ta tara ta sau biyu. Inda aka rubuta kamar na sama, sai ya koma saman ya kwafo cikakken bayanin. Lambar da ta maƙale a gefen hagu na gidanta ya san kwamfuta ta ɗauke ta a matsayin rubutu, ba za ta tara da ita ba, sai ya goge ya sake bugawa.

A shafin filasta ya kama kuskure na farko. Yaya ta ninka ta wuce, ta ɗora wa kanta kuɗin da babu shi. Wannan labari ne mai daɗi, jimla za ta sauka, don haka bakinsa ya buɗe da wuri.

“Yaya, an samu ɗan ragi a nan.”

Ta duba, ta danna kalkuleta, ta ce maɓallin bakwai ne yake maƙalewa. Ta ja layi ta gyara, ta sa hannu a gefe, ta gyara jimlar shafin da babbar jimla. Lissafinta ya tsaya a miliyan sittin da ɗaya da dubu ɗari biyu kafin haraji. Ta ce, “Ashe kuɗin makarantarka bai tafi a banza ba.” Ya tafi gida yana murmushi kamar an ba shi sarauta.

Washegari ya buga layi na ƙarshe, ya sauka ƙasa ya ba gidan jimla umarninsa. Kwamfuta ta ce miliyan sittin da shida da dubu talatin.

Ya cire tabarau ya goge. Lambar ba ta canza ba, tunda ba a tabarau take ba. Ya ɗebe wannan daga wancan: miliyan huɗu da dubu ɗari takwas da talatin. Ya fara da zargin kansa, don shi ne mutumin da ya fi sauƙin zargi a ɗakin. Ya bi shafi-shafi, jimlarsa da jimlar biro, duk sun yi daidai. Sai ya tuna dabarar da ake koya wa kowane sabon shiga, in bambanci ya fito, ka nemi lambar kanta a cikin kundin. Bai yi nisa ba ya same ta zaune a ƙasan wani shafi. Ashe bayan an raba bil, masu aikin sun aiko da ƙarin takarda guda ta rodin dakin, wadda suka manta a farko. Layi biyu ne kacal, rodi mai kaurin milimita sha biyu kilo dubu biyu da ɗari huɗu, mai kaurin milimita sha shida kilo dubu ɗaya da ɗari takwas, Yaya ta sa wa kowanne dubu ɗaya da ɗari da hamsin a kilo. Ta ninka daidai, ta haɗa daidai, ta maƙala takardar a bayan shafi na bakwai. Amma shafin tarawa tun kafin ƙarin aka buga shi, ba a ware wa sabuwar takarda layi ba. Yaya ta cika gurbin da ta gani, ta tara abin da ta cika. Rodin dakin gaba ɗaya yana cikin kundin amma ba ya cikin jimla.

Kuma Bakomai ya san abin da zai biyo baya, don shi ne aikinsa. A rubuce yake a sharuɗɗan: farashin ɗaya shi ne abin riƙewa, in jimla ta saɓa, mai duba lissafi zai gyara ta. Wato wani Bakomai na can wani ofis zai zuba layukan nan a nasa jadawalin, ya shafa jan launi, jimlar Yaya ta haura sittin da shida ko tana so ko ba ta so, a lokacin da ba ta da ikon rage ko sisi. In kuwa ta sani yanzu, tana da kwanaki a hannu. Za ta iya zuwa wurin mai rodi da mai kwano ta matse su, ta rage inda za ta iya, ta shiga da jimlar gaskiya mai ɗan sauƙi. Maganar duka ba ta wuce ya buɗe baki ba.

Ya ɗago kai. Yaya tana bakin taga tana kallon Baba Mai Inji yana shafa wa ƙarfensa mai, tana rera wani abu a hankali. Rabon da ya ji ta yi haka tun mijinta yana da rai.

“Ka gama, Auta?”

“Saura kaɗan, Yaya.”

“Lafiya dai ko? Na ga ka yi zuru.”

“Ba komai.”

Ya ce a ransa gobe. Gobe ta zo, ya same ta tana faɗa da mai kawo yashi, ya ce ba a kai wa mai fushi labari. Jibi ya same ta tana dariya, ya ce ai zalunci ne a ɓata wa mutum dariyarsa. Kun ga ke nan ba ranar da ta dace, tunda Yaya in ba ta fushi to tana dariya.

Rannan ta zagayo bayansa za ta leƙa. Kafin ta iso, mutumin naku ya yi abin da ya saba yi wa 'yan'uwa da maƙwabta, ya shiga tsakani. Takarda ta ce sittin da ɗaya, kwamfuta ta ce sittin da shida, to a yi sulhu. Ya sa yatsa a gidan babbar jimla, ya goge umarnin da ke ciki, ya buga lambar Yaya da hannunsa. Miliyan sittin da ɗaya da dubu ɗari biyu, cif. Wannan shi ne abin da in sabon ma'aikaci ya yi a ofishinsu, Bakomai da kansa zai shafa masa ja.

Yaya ta sunkuyo ta duba. “Ka gani? Ni da na'ura bakinmu ɗaya.”

“Bakinku ɗaya, Yaya.”

Ya gaya wa kansa na ɗan lokaci ne, zai mayar. A gida abinci ya ƙi wucewa. Matarsa ta dube shi ta dubi kwanon.

“Wa ya yi kuskure?”

“Ba komai.”

“Ba komai ɗinka kala-kala ne, duk na san su. Wannan na Yaya ne.”

Ya ba ta labari, yana sassauta murya kamar Yayar tana ƙarƙashin gado. Ta saurara har ya kai inda ya goge umarni, sai ta ajiye cokali.

“Tsaya in gane. Ma'auni ya ce buhu bai cika ba, sai ka ɗaure allurar ma'aunin?”

“Ba haka ba ne. Lokaci nake nema.”

“Lokacin wa? Nata kake kashewa ai, ba naka ba. Ka ɗauki waya yanzu.”

“Ba a faɗar irin wannan a waya.”

“A fuska ma ba ka faɗa ba. A mafarki za ka same ta?”

Ya ce ranar Lahadi, in sun zauna haɗa takardu, a natse. Ta ce Allah ya kai mu, ta kwashe kwanonta.

Lahadi da hantsi ya shiga ofis da maganar a bakinsa, ya jera ta tun a hanya, ya sa mata gabatarwa da addu'a. Yaya ba ta ba shi wuri ba. Ta shigo da kuzarinta, ta ja kujera ta zauna daf da shi, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Mai bulo ya rage min. Ka ce na'urar nan in an taɓa wuri ɗaya ko'ina yana amsawa, ko ba haka kake cika min baki ba? To nuna min. Bangon nan, mayar da shi dubu shida da ɗari biyu.”

Bangon murabba'in mita ɗari huɗu da ashirin ne, a kan dubu shida da ɗari biyar. Bakomai ya dubi layin. Ya san abin da zai faru, amma a ce ya ƙi umarnin Yaya? Ya buga. Kuɗin layin ya sauka da dubu ɗari da ashirin da shida. Jimlar shafin ta sauka.

“Madalla. Sauka ƙasa in ga babbar.”

Ya sauka. Babbar jimla tana nan zaune yadda ya ajiye ta, ko gezau.

“Ba ta motsa ba,” in ji Yaya.

“Wani lokaci takan ɗan yi nauyi.”

Suka jira ta. Fanka tana ta ƙara. Hannunsa ya lallaɓa wajen kalkuleta, wai zai ɗebe da kansa ya sake buga mata sabuwar lamba. Yaya ta ɗora tafinta a kai.

“Bar min kayan mijina. Koma sama. Mayar da bulon kyauta.”

“Yaya?”

“Sa masa sifili. Na yi sadaka da bango.”

Ya sa. Bango gaba ɗaya ya tashi a banza. Suka sauko. Miliyan sittin da ɗaya da dubu ɗari biyu.

“Ikon Allah,” ta ce. “Na ba da bango kyauta, jimla ba ta ji ba. Sa kwanon rufi ma kyauta. Sa ƙofofi. Mu gina musu makarantar nan fisabilillahi mu gani ko za ta yi atishawa.” Ta juyo ta dube shi, irin kallon da take yi masa yana yaro in ta ga sukari a gefen bakinsa. “Auta, jimlar nan mutuwa ta yi ko kashe ta aka yi?”

A nan dai hanya ta ƙare. Bai yi gabatarwar ba, bai yi addu'ar ba. Ya mayar da farashin bulo yadda yake a takarda, ya koma gidan jimla ya rubuta masa umarninsa. Lambar ta yi tsalle ta koma sittin da shida da dubu talatin. Ya buɗe kundin, ya ɗaga takardar da aka maƙala, ya buɗe shafin tarawa ya ajiye su gefe da gefe. Da yatsa ya nuna mata.

Yaya ba ta buƙaci bayani ba. Ta bi shafin tarawa da farce daga sama har ƙasa, ta sake bi. Ba ta yi ihu ba. Duk wanda ya san ta ya san ihunta ya fi shirunta sauƙi.

“Kuskurena ne,” ta ce. “Wannan na gani. Yaushe ka sani?”

“Tun... tun farkon mako.”

“Tun farkon mako. Kana zuwa kana shan shayina.”

“Na ga kina farin ciki ne, Yaya. Ban so in...”

“Allah sarki. Ka ga rami a gabana, ka shimfiɗa masa tabarma don kada ganinsa ya tayar min da hankali. Na gode, Auta. Samun ƙane irinka sai an dace.” Ta jawo waya. “Zauna. Yau za ka ga amfanin kwanakin da ka cinye.”

Ta kira mai rodi, waya a kashe. Ta kira shagon, mai jiran shago ya ce maigida ya yi tafiya karɓo kaya, sai tsakiyar mako, shi kuwa ba shi da ikon taɓa farashi. Mai kwano ya ɗauka, ya ce yana wurin suna, a bari ya duba gobe da yamma. Kafin gobe da yamma akwati ya riga ya rufe. Yaya kuwa ba za ta rage farashin ƙarfe a kan alkawarin da ba a yi mata ba, ta ga waɗanda suka yi haka, ta san inda gine-ginensu suka tsaya.

Sai ta koma kan abin da ke hannunta. Yawan kaya ba a taɓa shi, na masu aiki ne. Kuɗin da suka ware da kansu don abin da ka iya tasowa, shi ma ba a taɓa shi. Farashinta kawai take da iko a kai. Ta sa ragin bulo, ta aske ribarta a fenti, ta aske a filasta, ta rage kuɗin rumfar ma'aikata da na gadi. Tana faɗa yana bugawa, kuma yanzu duk taɓawa jimla tana amsawa.

“Ka ga yadda mai rai yake yi?” in ji ta.

Da aka kai miliyan sittin da huɗu ta ce a tsaya, daga nan kuma naman jikinta za ta fara yanka. Suka bi kundin suna jan layi a kan tsofaffin lambobi, tana sa hannu a gefen kowane gyara. A shafin tarawa ta ƙara layi da biro, ta rubuta wa takardar rodi jimlarta, ta danna biron har ya kusa huda takardar.

Ranar buɗe akwati suka zauna a ɗakin taron makarantar, ana karanto jimlar kowa. Yaya ce ta biyu. Wanda ya shiga ƙasanta, ratar da ke tsakaninsu dubu ɗari uku da hamsin ce. Suka jira ko mai duba lissafi zai kama shi da wani abu. Bai kama ba. Da alama shi nasa ƙanen ba mai tausayi ba ne.

Bayan mai rodi ya dawo ya biyo ta filin, Bakomai yana nan. Da ya ji labari ya tafa hannu.

“Haba Hajiya! Ai da kin same ni kafin in tafi, da na sauke miki ɗari a kowane kilo. Kaya sun yi min yawa a sito.”

Yaya ta juya ta dubi Auta. Shi kuwa kansa ya riga ya yi aikin da aka koya masa, kilo dubu huɗu da ɗari biyu sau ɗari, dubu ɗari huɗu da ashirin. Ya fi ratar. Bakinsa ya buɗe zai faɗi kalmarsa ta kullum, ya ji ta maƙale.

Mai sayen inji ya samu da wuri, irin wannan ba ya kwana a kasuwa. Ana saura kwana a zo ɗauka, Yaya ta kira Auta. Ta nuna masa Baba ta taga, yana zaune a inuwar injin yana ɗaure wata waya.

“Bai sani ba tukuna. Je ka faɗa masa.”

“Ni, Yaya?”

“Kai. Ai ka huta da faɗar magana mai ɗaci shekara da shekaru, ƙarfinka yana nan. Kuma ina jin ka daga nan. In na ji ba komai, da kalkuletar nan zan jefe ka.”

Filin ba shi da faɗi, amma ya daɗe bai ƙetare shi ba. Ya gaishe da Baba, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafa, ya kusa tambayar kaji. Baba ya ɗago ido.

“Ɗana, faɗi abin da ya kawo ka.”

“Baba, ba mu sami aikin ba. An sayar da inji, gobe za a ɗauka. Kuma da hannuna a ciki, na ga kuskure na yi shiru har lokaci ya ƙure.”

Baba ya ajiye wayar. Ya shafa gefen ƙarfen.

“To,” ya ce. “Ka gaya wa mai sayen, sai an ɗaga masa hannun nan kaɗan kafin ya tashi. In ya tilasta shi zai karya.”

Bai ce ba komai ba. Bakomai ya tsaya yana jira ko zai faɗa, don shi a saninsa nan ne wurin da ake faɗarta. Baba ya ci gaba da ɗaure wayarsa.

Yaya ta yi watanni ba ta neme shi ba, in sun haɗu a gidan dangi ta amsa gaisuwa ta kau da kai. A ofis kuwa aka lura ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, duk jadawalin da ya gama sai ya kulle gidajen umarni da kalmar sirri, ya ce wa mai gidansa ya zaɓi kalmar, kada ya gaya masa. Aka yi ta yabonsa, wai yana tsare aiki daga sababbin ma'aikata. Matarsa kaɗai ta san ɓarawon da ake kulle wa ƙofa.

Sunan bai sake shi ba, har yau Bakomai ake ce masa, kuma mai aski yana nan yana yi masa yadda ya ga dama. Amma kwanakin baya Yaya ta sami ɗan aikin katanga, bil ɗin shafi ɗaya tal, injin ma haya za ta ɗauko a wurin wanda ya saye shi, da sharaɗin Baba ne zai tuƙa. Ta aika a kira mata Auta. Ta miƙa masa takardar ba ta dube shi ba. Yana tsaye, ko zama bai yi ba, idonsa ya sauka a kan layukan.

“Yaya, layi na uku ba daidai ba ne. Kin rage wa kanki.”

“Daga shigowarka? Ko gaisuwa babu? Wa ya yi maka tarbiyya?”

“Ke ce, Yaya.”

“Marar kunya,” ta ce, ta turo masa biro da kujera.